Wane harafi ake fara kira a wasan cike gurbin karin magana?

Tambaya: Malam, a ƙungiyar Hausa ta makarantarmu muna wasan ɓoyayyar jimla irin na talabijin. Ana juya faifai, in baƙin da ka kira yana ciki ka samu makin da faifan ya nuna sau yawan fitowarsa, wasali kuwa saye ake yi da maki 250, in ka yi kuskure wasa ya wuce ga na gaba. Galibi karin magana ake ɓoyewa. An ce mini in riƙa farawa da R, S, T, L, N, E, amma kullum a L ko E nake faɗuwa. Da me ya kamata in fara, kuma yaushe ake sayen wasali?

Amsa:

Ɗalibi, wanda ya ba ka jerin nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai jerin na Turanci ne. Ya fito ne daga shirin Wheel of Fortune na Amurka, wanda Merv Griffin ya ƙirƙira aka fara nunawa a 1975. A zagayen ƙarshe na shirin, a da ana barin ɗan takara ya zaɓi baƙaƙe biyar da wasali ɗaya, sai kusan kowa ya riƙa zaɓar waɗannan shidan, domin su ne ke cika rubutun Turanci. Da abin ya zama al'ada, daga 1988 sai masu shirin suka riƙa bayar da su kyauta, ɗan takara ya ƙara baƙaƙe uku da wasali ɗaya, a ba shi daƙiƙa goma ya faɗi amsa. A Turanci E ce ta fi kowane harafi yawa, T na bi mata. A Hausa kuwa E tana cikin wasulan da suka fi ƙaranci, L kuma ta fi zama a kalmomin da muka aro, irin su lafiya, littafi, lokaci, alheri. Kana iya karanta karin magana biyar a jere ba ka ci karo da L ko ɗaya ba. Daga cikin shidan, N da S da R ne ke yi maka aiki sosai a allon Hausa, T tana tsaka-tsaki, sauran biyun ka ajiye su sai allo ya nuna yana bukatarsu.

Kiran farko, lokacin da allo ba shi da komai sai gurabe, N ne. Dalilin ba yawan kalmomin da ke farawa da ita ba ne kawai. N ce ke ɗaure kalma da kalma: gidan sarki, ruwan sama, maganin ciwo. Ita ce kuma a cikin na, ne, nan, an, in, sun, mun, wanda, wannan. Duba "Haƙuri maganin zaman duniya", kalmomi huɗu kacal amma N huɗu. Idan wani ya riga ka kiran N, to K, S, D, R, M da Y su ne sahu na biyu, kuma a nan ba na son ka haddace wani jeri, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai abin da siffar allo za ta gaya maka ba. In kana son ka gani da idonka, ɗauki karin magana talatin cikin irin waɗanda ake yawan kawowa a ƙungiyarku, ka zauna da takarda ka ƙirga a cikin guda nawa kowane baƙi ya fito aƙalla sau ɗaya. Wannan ƙirgar ta fi ta jimillar fitowa amfani, saboda abin da ke fitar da kai daga wasa shi ne harafin da babu shi sam, ba wanda ya fito sau ɗaya maimakon uku ba.

Daga kira na biyu lissafin yawan haruffa ya rage daraja. Yanzu allo ya fara magana, kuma Hausa tana da tsari mai tsauri da ke taimakon mai karanta gurabe. Kalmar Hausa kusan kullum da wasali take ƙarewa. In ta ƙare da baƙi, mafi yawanci N ce ko R ta mallaka, sai 'yan kaɗan masu S ko M kamar takwas da malam. Saboda haka da zarar an kira N ba ta fito a ƙarshen wata doguwar kalma ba, gurbin ƙarshen nan galibi ko wasali ne ko R. Kalma kuma ba ta farawa da baƙaƙe biyu na gaskiya. In ka ga gurabe biyu kafin A a farkon kalma, ko dai tagwaye ne irin sh, ts, kw, gw, ky, ƙw, ko kuwa kalmar da wasali ta fara. Gurabe uku masu ƙarewa da A, misali, ba za su wuce irin su sha, ina, ita, uwa, uba, iya ba. H ma haka: in S ta fito a farkon kalma kuma gurbin da ke bayanta babu kowa, sannan na gaba da shi A ce, H ce kusan babu tantama. In doguwar kalma ta fara da A, gurbi na biyu shi ne inda L ke da daraja, albarka, alƙawari, alheri, ko da yake arziki da amfani da abinci suna nan suna jiran mai gaggawa.

Gajerun kalmomi su ne ƙofar shiga. Kalma mai harafi ɗaya kusan kullum "a" ce, wato an ba ka wasali kyauta. Masu haruffa biyu suna da yawa, amma wurin zamansu yana tace su. Biyu a jere a tsakiyar karin magana, ta farko mai A ta biyu ba A, ka fara zargin "ya fi" ko "ta fi", kamar a "Rashin sani ya fi dare duhu". Biyu a jere duka masu A, ka tuna "ba ya" da "ba ta", kamar a "Ruwa ba ya tsami banza". Mai harafi biyu a can ƙarshen jimla, in da A to "ba" ce mai rufe korewa, in babu A to ne ko ce ko wani gajeren suna irin ji. A farkon jimla kuwa "in" da "ko" da "ba" da "da" ne ke yawan buɗe karin magana. Ka lura Y da B da F sun shigo lissafi ta wannan hanya, alhali ba wanda zai sa F a sahun farko in yawan fitowa kawai ya duba.

Bari mu bi allo ɗaya daga farko har ƙarshe. An ce karin magana ce, kalmomi shida, haruffa 25. Faifai ya tsaya a 500, ka kira N, ta fito sau biyu, kana da 1,000.

```
_ _ _ _ _   N _ _ _ N   _ _ _ _   _ _ _ _   _ _ _   _ _ _ _
```

Kafin ka sake taɓa faifai, karanta abin da bai fito ba. Kalma ta biyu ta fara da N ta ƙare da N, babu wata N a tsakiya: nisan, neman, naman, noman, nufin. Mai haruffa uku ba nan ba ce, ba can ba, ba sun ba, ba don ba. Sauran kalmomin duk ba su ƙare da N ba. Wanda ya saba da karin magana zai ji "komai nisan" tana motsi a kansa, kuma nan ne ake yawan yin ɓarna, domin karin magana biyu sanannu sun dace da wannan allo daidai wa daida: "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" da "Komai nisan dare gari zai waye". Ƙirga da yatsa, duka biyun biyar, biyar, huɗu, huɗu, uku, huɗu ne. Wanda ya yi wuf ya faɗi ɗaya ya yi caca ne da rabi da rabi, kuma in ya faɗi ba daidai ba ya miƙa wa na kusa da shi amsar a hannu, tunda ɗayar ce ta rage.

Harafin da za ka kira a nan dole ya cika sharaɗi biyu: ya kasance yana cikin duk amsoshin da kake zato, don kada wasa ya bar hannunka, kuma fitowarsa ta bambanta a tsakaninsu, don ya gaya maka wacce ce. K da M da Z suna cikin duka biyun, amma wuri ɗaya suke a kowacce, za su kawo maka maki su bar ka cikin duhun da kake. R tana raba gardama, sau biyu take a dare da gari, amma babu ita sam a ta jifa, don haka in ba ka yi sa'a ba ka fita. F ma haka ta ɗaya ɓangaren. S ce kaɗai ta haɗa biyun: tana cikin nisan ko ta yaya, sannan in ta jifa ce za ta ƙara fitowa a kalmar "ƙasa". Ka juya, faifai ya ba da 600, ka kira S.

```
_ _ _ _ _   N _ S _ N   _ _ _ _   _ _ S _   _ _ _   _ _ _ _
```

S biyu, maki 1,200, jimilla 2,200, kuma ka san ta jifa ce ba tare da ka sayi wasali ko ɗaya ba. Abokan takararka da ba su yi wannan tunanin ba har yanzu haruffa huɗu suke gani cikin 25.

Amma ba ka gama ba, saboda karin magana ba ta da lafazi ɗaya tilo a bakin mutane. Wani "faɗo" yake cewa, wani "faɗi", wani "dawo", kuma ukun duk haruffa huɗu ne. Alƙalin wasa abin da ke rubuce a takardarsa zai karɓa. Sai ka sake amfani da dabarar ɗazu. F tana cikin jifa ko ta wane hali, don haka ba ta da haɗari. In ta fito sau ɗaya to dawo ce, in sau biyu to faɗo ko faɗi. A ce faifai ya ba da 700 kuma F ta fito biyu: 1,400, jimilla 3,600. Saura harafin ƙarshe, O ko I. Nan ne sayen wasali ya cancanci kuɗinsa. Duka biyun suna cikin kalmar "komai", ba wanda zai fitar da kai. Ni O zan saya, domin I za ta buɗe gurabe huɗu ko biyar ta haska wa kowa allon, O kuwa ɗaya ko biyu kawai za ta buɗe, kuma amsar da kake nema za ta ba ka: in ta bayyana a ƙarshe faɗo ce, in ba ta bayyana ba faɗi ce. Ka biya 250, saura 3,350, amsa tana hannunka cikakkiya.

To in bayan N ɗin farko babu wata karin magana da ta zo maka fa? Wannan ya fi faruwa, kuma nan ne gurbin A. Ka biya 250 daga 1,000 ɗinka.

```
_ _ _ A _   N _ _ A N   _ _ _ A   _ A _ A   _ A _   _ A _ _
```

A bakwai cikin haruffa 25. Ka lura da abin da ta yi: ba ta gaya maka kalma ko ɗaya ba, ta dai zana maka gaɓoɓi. Wannan ita ce ɗabi'ar A a Hausa. Saboda tana ko'ina, ganinta a wuri ba labari ba ne sosai. Inda ba ta fito ba ne ke da labari. Naman ta fita daga lissafi tunda gurbi na biyu bai buɗe ba, nufin ma ta fita, saura nisan, neman, noman da irinsu. Kalmar farko ta ƙare da A da wani gurbi wanda ba N ba ne, mai haruffa uku ma haka, kuma abin da ke zuwa bayan A a ƙarshen kalma in ba N ba, galibi I ce ko U ko R: sai, dai, zai, mai, yau, har. Gurabe biyu suna nuna I, ga kuma yiwuwar ta uku a nisan. Sai ka sayi I da wani 250, kalma ta biyu ta zama NI, gurbi, AN, S ta kira kanta. Ka kashe 500 ka isa inda mai sanin karin magana ya isa kyauta, amma wasa bai bar hannunka ba, kuma wannan ne abin da kuɗin ya saya.

Ka'idar sayen wasali ke nan a taƙaice: ka saya lokacin da ba ka da baƙin da ka amince da shi, ko lokacin da wasali ne kaɗai zai raba maka amsoshi biyu. Kada ka saya don kawai kana da makin saye. Farashin ɗaya ne ko wasalin ya fito sau bakwai ko sau ɗaya, wannan ya sa A take kama da araha, amma duk abin da ta buɗe maka ta buɗe wa mutum biyun da ke gefenka. In ka sayi A da I sannan ka kira baƙin da babu, ka biya 500 ka share wa wani hanya. Bayan A, I ce ta biyu a yawancin alluna, U ta uku. E da O ba a sayensu da ka. Ana sayensu ne in an ga gurbi a ƙarshen kalma wanda A da I sun ƙi shi, kamar dare, waye, zo, ko gajeriyar kalma da ake zaton ne, ce, ke ko ko ce. A karin maganar dare ɗin nan, da ita aka ɓoye, bayan A da I za ka ga kalma ta uku da ta ƙarshe duk sun rage da gurbi a ƙarshe, kuma a wannan lokacin ne E ta zama saye mai hankali.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba amma za ta same ka: ka san amsa, kana da 3,350, ka faɗa ko ka ci gaba da juyawa? Baƙaƙen da suka rage su ne K, M, J, Ƙ, Z da Ɗ, kowanne sau ɗaya. Faifan shirin Amurka gida 24 gare shi; a ce naku ma haka ne, kuma gida uku ne marasa kyau, masu cinye maki ko masu ƙwace wasa. Wato kowane juyi yana da haɗarin ɗaya cikin takwas, kuma a allon da ya buɗe haka ka ɗauka cewa in wasa ya bar hannunka ba zai dawo ba. In matsakaicin gida 600 ne, abin da kake sa ran samu a juyi ɗaya shi ne bakwai cikin takwas na 600, wato 525, abin da kake sa ran rasawa kuwa ɗaya cikin takwas na 3,350, kusan 420. Juyi ɗaya yana da 'yar riba. Da makinka ya haura 4,200, wato 600 sau bakwai, lissafin ya juya, sai ka faɗi amsa. Juyi uku a jere kuwa, damar tsira daga dukkansu kusan biyu cikin uku ce kawai, abin da mutane ba sa ji a jikinsu sai ya faru. In kai ne a gaba a jimillar maki kuma zagayen ƙarshe ne, manta da 'yar ribar, faɗi amsarka. Sannan tunda juyawa ake fara yi kafin kira, in akwai baƙin da ka san ya fito sau biyu ko uku, ka riƙe shi har faifai ya tsaya a babban gida, ka kashe masu fitowa sau ɗaya a ƙananan gidaje.

Rabin rigimar da ake yi a irin wannan wasa a Hausa ba ta dabara ba ce, ta rubutu ce, don haka ka tambayi alƙali abubuwa kaɗan kafin a fara. Shin K da Ƙ harafi ɗaya ne a wurinsa ko biyu, haka D da Ɗ, B da Ɓ? A daidaitaccen rubutu daban suke, kuma a allonmu na sama wanda ya kira D yana nufin faɗo ya fita, wanda ya kira K zai samu ta komai kaɗai ban da ta ƙasa. In kuwa alƙali ya haɗe su, darajar K da D ta tashi sosai, har K tana iya yin kafaɗa da N a kiran farko. Shin sh da ts gurbi ɗaya suke ci ko biyu? In ɗaya ne, tsawon kalmomi ya canza, H ta zama harafin da ba a kira sai da dalili, kuma abin da na faɗa game da gurabe biyu kafin A ya ragu. Shin alamar da ke cikin 'ya'ya da sa'a da jama'a ana nuna ta tun farko? In ana nunawa kyauta ce babba, domin a tsakiyar kalma galibi wasali ne ke bin ta, a farkon kalma kuma Y ce. Wanda ya koyi rubutu a Nijar zai rubuta wannan sautin da ƴ, harafi guda, sai gurbin ya bambanta.

Sai rabon kalmomi, wanda ya fi duka cin mutane. Ka'ida ta ce "za ka" a rabe, "yana" a haɗe, "ba ya" a rabe, amma mai rubuta allo yana iya sa "zaka" ko "ya na" ko "baya". Alamar da za ka gane haka ita ce karin maganar da kake zato ta dace da duk haruffan da suka fito, jimillar gurabe ma ta yi daidai, amma yawan kalmomi ya ƙaru ko ya ragu da ɗaya. In ka ga haka kada ka yar da zatonka. Haɗa gurabe biyun da ke maƙwabtaka a ranka ka sake gwadawa, sannan ka kira baƙin da ke cikin wata kalma daban wadda ba a saɓani a kan rubutunta, ka tabbatar da ita tukuna. Komai ma wasu "kome" suke rubutawa, haruffa huɗu, don haka allon da ya fara da huɗu sannan biyar mai N a farko da ƙarshe bai kore karin maganganun nan biyu ba, S ɗin dai ita za ka kira.